Babi na Uku: Daga Ina Aka Samo Mutum 300?

A yawancin jami'o'in Nijeriya, babi na uku na kundin digirin farko shi ne na hanyoyin gudanar da bincike, kuma babi ne da ake yawan kwafowa daga tsofaffin kundaye. Ranar kare kundi kuwa nan asiri ke tonuwa. Malami zai ɗaga gilashinsa ya ce, "Kin ce mutum 300 kika tambaya. Me ya sa 300? Su wane ne?" Sai ɗaliba ta yi tsuru-tsuru.

Aikin babin ɗaya ne: ki faɗi abin da kika yi a zahiri, dalla-dalla, ta yadda wani zai iya bin sawunki ya maimaita.

A ce kina binciken yadda ɗaliban sakandare ke amfani da waya lokacin karatu, a makarantu uku masu ɗalibai 600 da 400 da 200. Jimilla 1,200 ke nan, kuma dole ki faɗi inda kika samo adadin, wato rajistar makarantun ta zangon karatu kaza. Tunda ba za ki iya tambayar kowa ba, sai ki ɗebi samfur. Lissafin da aka fi amfani da shi shi ne na Taro Yamane na 1967:

```
n = N / (1 + N × e²)
```

N ita ce jimillar ɗalibai, e kuma kuskuren da aka yarda a haƙura da shi, galibi 0.05. Idan aka ninka 0.05 da kanta za a sami 0.0025. A ninka da 1,200, ya ba da 3, a ƙara 1 ya zama 4. Raba 1,200 gida huɗu, ga 300 ɗinki. Sai ki kasa su gwargwadon girman kowace makaranta: 150 da 100 da 50.

Lissafin ba shi ne wahala ba. Inda gizo ke saƙar shi ne zaɓen mutanen. Da yawa sukan rubuta cewa ƙuri'a suka yi, alhali a gindin darbejiya suka tsaya lokacin tara, suna miƙa takardar tambayoyi ga duk wanda ya gifta. Wanda ke cikin aji yana karatu bai samu shiga ba, ga shi kuwa binciken a kan karatu ne. Lissafin Yamane ya ginu ne a kan cewa kowa na da damar a zaɓe shi. Don haka ki karɓi rajista, ki jefa ƙuri'a tsakanin sunaye huɗu na farko. In na uku ya fito, sai ki ɗauki na 3, na 7, na 11, har ƙarshe.

In makaranta ta hana ki rajista, kika tambayi waɗanda kika samu, to ki rubuta hakan, ki kuma bayyana cewa sakamakon bai wakilci duka ɗaliban ba. Haka nan in takardu 276 suka dawo cikin 300, ki rubuta 276. Mai duba kundi zai buɗe babi na huɗu ya tara alƙaluman jadawalinki, ya ga ko sun yi daidai da abin da kika faɗa a nan.