Yadda ɗango ke fassara ɗan'uwansa a waƙar Ibrananci

Mawaƙan Ibrananci na dā ba su dogara da amsa-amo ba. Abin da ke ɗaure baitinsu shi ne ma'ana: mawaƙi ya faɗi magana a ɗango na farko, na biyu kuma ya maimaita ta da wasu kalmomi, ko ya kawo kishiyarta, ko ya ɗora a kanta. Robert Lowth, malamin Jami'ar Oxford, shi ya shahara da rarrabe waɗannan nau'o'i uku a littafinsa na 1753.

Wannan tsari ya zama abin dogaro ga masu haɗa ƙamus, domin tsohon Ibrananci ba shi da rubuce-rubuce masu yawa, wasu kalmominsa ma sau ɗaya ko biyu suka bayyana. Idan baƙuwar kalma ta faɗo a ɗango na biyu, sai a duba wadda ke tsaye a gurbinta a na farko.

Ga misalin kalmar "harus". A Karin Magana 13:4 an kafa masu wannan siffa a gaban rago, baitin kuma na kishiyantawa ne, don haka ma'anar ita ce mai himma. Amma a Zakariya 9:3, inda ake maganar dukiyar birnin Taya, himma ba ta da wurin zama. Ɗango ɗaya ya ambaci "kesef", wato azurfa, an tara ta jingim, mai bi masa kuma ya sa "harus" daidai inda azurfar ta tsaya. Me ake jerawa da azurfa in ana lissafin dukiya? Zinariya. Haka ma abin yake a Karin Magana 8:10 da 16:16. Ashe kalmomi biyu ne masu siffa ɗaya, ta biyun kuma mawaƙa ne ke riƙe da ita, a maganar yau da kullum "zahab" ake cewa. Allunan yumɓu da aka fara tonowa a Ugarit ta ƙasar Siriya a 1929 sun ƙarfafa wannan: mawaƙan can ma suna haɗa azurfa da wannan kalmar a ɗangogi biyu.

Sai dai a yi hattara. Ɗango na biyu ba kwafin na farko ba ne, sau da yawa ƙara masa nauyi yake yi, batun da James Kugel ya jaddada a 1981. Takwarar kalma kan nuna dangin da baƙuwar ta fito, ba lalle ta nuna ainihinta ba. "Feninim" tana tafe da zinariya a Karin Magana 20:15, shi ke nan mun san abu ne mai tsada. Wane abu? Masu fassara sun rabu tsakanin lu'ulu'u da yakutu da murjani. Makoki 4:7 ne ya rage gardamar, inda aka gwada jan launin jiki da ita. Wannan ya raunana hujjar masu cewa farin lu'ulu'u ne, shi ya sa masana da yawa suka karkata ga murjani.