Jadawali Uku, Shawara Ɗaya: Yadda Ake Shiga Kasuwar Canji

Yawancin sababbin 'yan kasuwar canjin kuɗi ta intanet jadawalin awa ɗaya suke zuba wa ido. Da sun ga farashi na gangarowa sai su sayar, ba su san cewa a jadawalin kwana hawa yake yi ba, gangarowar da suka gani ɗan hutu ce kawai. A manhajar MetaTrader, kyandir ɗaya na D1 ya ƙunshi kyandir shida na H4, kowane na H4 kuma ya ƙunshi huɗu na H1. Saboda haka daga babba ake farawa, a sauko.

Aikin D1 shi ne nuna alkibla. Idan kowane ƙololuwa ya ɗara na baya, kowane kwari ma ya ɗara na baya, to kasuwa hawa take, saye kawai za ka nema. A ce EUR/USD ya tashi daga kwarin 1.0800 zuwa 1.1000, sannan ya fara ja da baya.

Daga nan sai H4, wanda zai nuna maka wurin jira. Nemi inda farashi ya taɓa cijewa kafin ya fasa ya wuce, misali 1.0880, domin sau da yawa a irin wurin nan masu saye suke dawowa. Ja layi, ka naɗe hannu. Nan ne haƙurin mutane ke ƙarewa, kuma a ganina nan ne aka fi tafka asara.

Idan farashi ya iso layin, H1 zai nuna saukowa, kuma hakan ba saɓani ba ne. Abin da kake jira shi ne saukowar ta karye: kyandir ya rufe sama da ƙaramin ƙololuwa na ƙarshe, a ce 1.0905. Sai ka saya a 1.0910, ka sa Stop Loss a 1.0870, ƙasa da layin H4, Take Profit kuma a 1.0990, dab da ƙololuwar D1. Kasadarka fif 40 ce, ribar da kake nema 80. Mai jarin dala 500 da ya shiga da lot 0.01 dala 4 zai rasa idan abin ya ƙi, ƙasa da kashi 1 cikin 100 ke nan.

Abin yakan ƙi kuwa. Idan kyandir na D1 ya rufe ƙasa da 1.0800, hawan ya lalace, lissafin saye duk ya rushe. Kada ka yanke hukunci da kyandir ɗin da bai rufe ba. A wurin dillalai da yawa na kwana yana rufewa ne ƙarfe 10 ko 11 na dare agogon Najeriya. Idan kuma D1 kai-komo yake tsakanin layi biyu, babu alkiblar da za a bi, ka rufe manhajar har sai ta bayyana.