Sauya bankin bashin gida: yaushe riba ke rinjayar kuɗin da za a kashe?

Tun da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville a shekarar 2023, ciniki ya ja baya a garin, biyan bashin banki kuma ya yi wa masu gidaje nauyi. Shi ya sa wasu ke tunanin wani banki ya biya musu tsohon bashin, su koma biyan sa da kuɗin ruwa mai sauƙi. Sai dai sauyin ba kyauta ba ne.

Tsohon banki yakan ci tarar biya kafin wa'adi, in yarjejeniya ta tanadi haka. Sabon banki zai karɓi kuɗin buɗe dosiye. Sannan akwai kuɗin noter da na rajista, domin sai an ɗage jinginar farko daga kan takardar mallakar gidan kafin a ɗora sabuwa.

Ga misali, ba farashin wani banki ba. A ce saura miliyan 10 na sefa a kanka, da shekara 10, ruwa kashi 11 cikin ɗari. Kana biyan kusan jika 138 a wata. In wani banki ya ba ka kashi 9, biyan zai sauko zuwa kusan jika 127, wato ragin jika 11 kowane wata.

Yanzu a ce tara jika 300 ce, dosiye jika 100, noter da rajista jika 250. Jimilla jika 650. Raba 650 da 11, za ka samu wata 59. Ke nan sai bayan kusan shekara biyar kuɗinka za su dawo, sauran shekara biyar ɗin su ne riba, wajen jika 680. In kana da niyyar sayar da gidan nan da shekara uku, asara za ka yi.

Haka in shekara uku kawai suka rage a kan wannan miliyan 10: duk ragin bai wuce jika 340 ba, bai ma rufe jika 650 ba.

Babban tarkon shi ne tsawaita wa'adi. In aka mayar da bashin shekara 15 a kashi 9, biyan wata zai faɗo zuwa kusan jika 101. Aljihu zai sarara, amma jimillar biya za ta haura miliyan 18, maimakon miliyan 16 da rabi.

Kafin ka sa hannu, ka nemi tsohon banki ya rubuta maka ragowar bashin da tarar. Ka kwatanta TEG na bankunan biyu, wato ruwan da aka haɗa da kuɗin dosiye da sauran caji. Ka kuma fara kai wa bankinka tayin da ka samu: in ya yarda ya rage ruwan, ka huta da kuɗin sabuwar jingina.