Littafi, Kifi da Wando: Gyaran Sakin Layin Mai Koyon Sinanci

Ga abin da mai koyon Sinanci kan rubuta idan aka ce ya ba da labarin cefanensa:

我昨天去市场.我买了二个书,三鱼和一个裤子.

Nufinsa ya je kasuwa jiya, ya sayi littafi biyu, kifi uku da wando ɗaya. Basine zai gane, amma tun kallon farko zai san hannun baƙo ne.

A Sinanci adadi ba ya haɗuwa da suna kai tsaye, sai an sa kalmar awo a tsakani. Mu ma muna cewa mudun gero ko damin dawa, sai dai su kusan kowane abu da tasa kalmar, kuma siffar abin ce kan zaɓe ta. Saboda haka 三鱼 gurguwar magana ce, an bar gurbin fanko. Kifi dogo ne mai lanƙwasa, kalmarsa 条, wadda ita ce ta kogi, ta hanya, har da ta wando. Littafi yana ɗaukar 本, takarda da tebur masu shimfiɗaɗɗiyar fuska 张, mota kuwa 辆.

Ɗalibin nan ya fake da 个 sau biyu. Ita ce aka fi amfani da ita, tana aiki kusan irin na "guda" a bakinmu, kuma a hira ana yi wa baƙo uzuri. A rubuce malami zai ja layi a ƙarƙashinta. Ni a ganina kada a haddace suna shi kaɗai: a riƙe 一本书 gaba ɗaya tun ranar farko. Sannan biyu a gaban kalmar awo 两 ce, 二 ta ƙidaya ce da lambobi.

Kuskure na biyu ba na harshe ba ne, daga madannai ya fito. Kowane harafin Sinanci yana zaune a murabba'i guda, kuma aya da waƙafi su ma cikakken murabba'i suke ci, shi ya sa ba a barin fili bayansu. Ɗalibin ya bar na'urarsa a kan alamomin boko, sai suka fito a tsuke, manne da haruffa. Da ido ake ganewa: ayarsu ƙaramin zobe ce 。 ba ɗigo ba. Waƙafi kuma iri biyu ne. Wannan ， yana raba sassan jimla, wannan 、 kuma yana raba abubuwan da aka jera, kamar littafi da kifi. A manhajar Microsoft Pinyin, danna Ctrl tare da maɓallin aya yana sauya alamomin, maɓallin \ kuma shi ke fitar da 、.

Bayan gyara, an kuma ƙara 了 bayan 去 domin tafiyar ta riga ta faru, aka cire 我 na biyu tunda an san mai sayen:

我昨天去了市场，买了两本书、三条鱼和一条裤子。

A lura babu waƙafi kafin 和, domin ita da kanta ta haɗa abu na ƙarshe da sauran.