Allon Kanban: taura biyu ba ta taunuwa

A ofisoshin masu haɗa manhajar kwamfuta akan ga allo jingine da bango, an ja masa layuka an raba shi gida-gida, an manna masa ƙananan katuna. Sunan wannan tsari Kanban, kalmar Japananci mai nufin allon sanarwa ko kati. Asalinsa daga kamfanin motoci na Toyota ne, inda Taiichi Ohno ya yi amfani da katuna don kada wani sashe ya ƙera kaya sai sashen gaba ya buƙata. David Anderson ne ya yaɗa shi a aikin manhaja, musamman ta littafinsa na shekarar 2010.

A ɗauki misalin ƙungiya mai mutum biyar: huɗu suna rubuta manhaja, ɗaya yana gwadawa. Allonsu yana da gida huɗu: Jira, Ana Yi, Gwaji, An Gama. Kowane kati aiki ɗaya ne, yana tafiya daga hagu zuwa dama. Duk katin da ya bar gidan Jira amma bai kai An Gama ba, aiki ne da ke hannu, wanda manhajojin allo suke rubutawa `WIP`.

Abu biyu ake karantawa daga allon. Na farko shi ne daɗewar kati, wato `cycle time`. Ranar da aka fara aiki sai a rubuta kwanan wata a jikin katinsa, ranar da aka gama a sake rubutawa. Katin da ya shiga Ana Yi ran 3 ga Maris ya fita ran 17 ya yi kwana 14 ke nan. Na biyu shi ne yawan fita, wato `throughput`: kowace Juma'a a ƙirga katunan da suka shiga An Gama a wannan makon.

To, a ce ƙungiyar nan tana da kati 20 a hannu, tana gama 5 a mako. Akwai wata ƙa'idar lissafi da John Little ya tabbatar a 1961, wadda ta ɗaure lambobin nan uku wuri guda: idan aka raba aikin da ke hannu da yawan fita, za a sami matsakaicin daɗewar kati. Ashirin a raba biyar, huɗu. Wato duk wanda ya kawo aiki zai jira kimanin mako huɗu daga ranar da aka fara masa, alhali kowa a ofishin gumi yake yi. Yawancin kwanakin nan katin a ajiye yake, mai shi ya koma kan wani.

Nan iyaka take shigowa. Sai a rubuta lamba a saman gida: 6 a kan Ana Yi, 4 a kan Gwaji. Idan gida ya cika, ba mai shigo da sabon kati sai wani ya fita. Aikin hannu ya sauko 10. Muddin ana ci gaba da gama 5 a mako, daɗewar kati ta koma mako biyu. Ba a ɗauki sabon ma'aikaci ba, ba a ƙara awannin aiki ba. Layin jira kawai aka rage.

Iyakar kuma tana tona inda matsala take. Mai gwaji shi kaɗai ne, don haka gidansa zai riga cika. Masu rubutu sun gama nasu, amma babu gurbin tura shi, su kuma ba su da damar ɗauko sabo. Dole ɗayansu ya tashi ya taya gwaji. A da, da sai su yi ta tara masa katuna, kowa na ganin laifin jinkiri ba nasa ba ne.

Sai dai akwai wuraren da ake yin tuntuɓe. Idan iyakar ta yi ƙanƙanta, mutane za su zauna babu abin yi, yawan fita ya faɗi daga 5 zuwa 3. Wannan alama ce ta a ɗan sassauta. Idan shugaba yana ba da aikin gaggawa da baki ba tare da kati ba, allon ya daina faɗin gaskiya. Haka nan idan aka cire katin da ya maƙale don a sami gurbi. Gara a bar shi a gidansa da jar alama, kwanakinsa suna ƙaruwa a gaban kowa. Shi ma lissafin Little yana aiki ne idan abin da ke shiga ya yi kusan daidai da abin da ke fita, kuma matsakaici ne kawai yake bayarwa. Kati ɗaya na iya yin kwana 40 a cikin masu kwana 14. Shi ya sa ƙwararru kan fara duba allo daga dama kowace safiya, su tambayi katin da ya fi tsufa.

Mai karatu, idan kana jagorantar wasu, ƙirga ayyukan da ke hannunku yau, ka ƙirga waɗanda kuka gama a makon jiya, ka raba. Idan amsar ta yi maka yawa, a dakatar da ɗaukar sabo har sai an sauke na hannu.