Takardar Wanke Tanki: Yaushe Ruwa Zai Dawo?

A gidajen haya masu hawa biyu ko uku a Kano da Kaduna, mai kula da gida kan liƙa takarda a bakin ƙofa cewa ranar Asabar za a wanke tanki, ruwa zai ɗauke daga ƙarfe 9 na safe zuwa 1 na rana. Sai La'asar ta yi famfo bai kawo ko ɗigo ba, 'yan haya suna ta neman ɗan garuwa. Galibi ba ƙarya aka yi musu ba. Lokacin gama wankin aka rubuta, su kuwa abin da ya dame su shi ne lokacin dawowar ruwa.

A ɗauki tanki mai cin lita 5,000 da rijiyar burtsatse ke cikawa. Za a rufe bututun da ke kai ruwa ɗakuna, a zubar da na ciki, a kwashe lakar da ta kwanta a ƙasa, a goge gansakukar jikin bango. Daga nan a wanke da ruwan kulorin, a ɗauraye har warin ya tafi. Awa huɗu kan isa wannan. To amma tankin fa babu komai a ciki. Idan injin yana tura lita 1,500 a awa, sai ya yi awa uku da minti ashirin kafin ya cika, shi ma in akwai wuta. Ko da an buɗe kafin ya cika, gidajen ƙasa za su riƙa janyewa, na sama su jira. Saboda haka 5 na yamma ya kamata a rubuta, a kuma faɗi ko an tanadi janareta.

A ganina takardar da aka liƙa daren jajibiri ba ta sauke nauyi ba. Kwana biyu ko uku ne ke ba uwargida damar tara ruwan girki, alwala da bayan gida a jarkoki. Safiyar Juma'a kuwa, da kowa ke neman ruwan wanka, bai dace a sa aikin ba sam.

Akwai gargaɗi biyu da ake yawan mantawa. Yaro ya murɗa famfo, ya ga babu ruwa, ya bar shi a buɗe, ruwa ya dawo ba kowa a gida, ɗaki ya cika har ya tsiyaya wa maƙwabcin ƙasa. Hitar wanka ma a kashe ta, don in ta yi aiki babu ruwa a ciki ƙonewa take yi.

Idan ruwa ya dawo, famfo zai yi tari yana feso iska, ruwan farko ya fito da ɗan datti. A bar shi ya zuba 'yan mintuna har ya washe kafin a sha. In maƙwabta sun samu naka ya ƙi zuwa, mai yiwuwa iska ce ta toshe bututun, sai a kira mai gyaran famfo tun bai bar gidan ba. Shi ya sa dole lambar wayar mai kula da gida ta kasance a jikin takardar.