Kaya Biyu a Kwantena Ɗaya: Nawa Kowanne Ya Tsaya Maka?

Yawancin 'yan kasuwarmu da ke sayo kaya daga Guangzhou sun iya tara jimillar abin da suka kashe. Inda ake yin tuntuɓe shi ne wajen rabon kuɗin a kan kayan, domin da yawa sukan raba shi daidai bisa yawan guda. Wannan rabon ba adalci ba ne, kuma shi ke cinye riba ba a sani ba.

A ce ɗan kasuwa ya sayo tocila 1,000 a kan dala 2 kowace, da kular abinci 500 a kan dala 4. Idan ya sayi dala a naira 1,500, kowane kashi ya ci naira miliyan 3. Amma jirgin ruwa bai damu da darajar ƙaramin kaya irin wannan ba, wurin da ya cika yake sayarwa, da ma'aunin CBM. Tocila ta ci CBM 2, kula ta ci 8. Saboda haka daga kuɗin jirgi na naira miliyan 1.5, tocila za ta ɗauki 300,000, kula kuwa miliyan 1.2.

Kwastan tana lissafin harajinta ne a kan farashin kaya haɗe da inshora da kuɗin jirgi, wato CIF. Mu ɗauka kayan na cikin rukunin kashi 20 cikin 100. Akwai ƙarin kashi 7 na harajin kansa, sannan VAT na kashi 7.5 ya hau bisa duka. Idan aka jingine inshora da ƙananan kuɗaɗe don sauƙin misali, tocila za ta biya kimanin naira miliyan 1.007, kula miliyan 1.281. Ladan ejan mai fito da kaya, kuɗin tasha a Apapa da motar Kano, a ce miliyan 1 ne. Shi ma a raba shi da CBM. Tocila ɗaya ta tsaya a naira 4,507, kula a 12,562.

To, da an raba kuɗin jirgi da na fito bisa guda 1,500, da kowane kaya ya ɗauki naira 1,667, alhali haƙƙin tocila 500 ne, na kula 4,000. Alamar wannan kuskure a bayyane take: kula na tashi kamar kyauta, tocila ta ƙi motsi saboda maƙwabci ya fi ka araha.

Sai canji. Kuɗin kaya a rubuta shi da farashin da aka sayi dala a zahiri, haraji kuwa da farashin Kwastan, wanda ba lallai su zo ɗaya ba. Waɗanda kayansu ke kan ruwa a Yunin 2023, lokacin da aka saki naira, sun ga yadda haraji ya tashi kafin kaya su iso.

Ɗan'uwa, kada ka yanka farashi sai ka karɓi rasit na ƙarshe, ka kuma cire abin da ya fashe daga ƙidaya kafin ka raba.